Yoyon Bayanai: Kuskuren da Ke Kumbura Maki a Ayyukan Ɗalibai na Koyar da Na'ura

A fannin koyar da na'ura, ana ba kwamfuta tarin misalai waɗanda aka riga aka san amsarsu, ta tsamo ƙa'idar da ke cikinsu, sannan a sa ta yi hasashe a kan sababbin misalai. Ƙa'idar da ta tsamo ita ake kira samfuri. Kafin a yarda da samfuri, dole a auna shi da misalan da bai taɓa gani ba, shi ya sa ake raba bayanai gida biyu tun daga farko: kason horo, wanda galibi yakan ɗauki kashi 70 ko 80 cikin 100, da kason gwaji, wanda ake ajiyewa gefe har zuwa ƙarshen aiki. Yoyon bayanai shi ne duk wata hanya da wani abu daga kason gwaji, ko daga amsar da ake nema, ya kutsa cikin horon samfuri. Lamarin kamar ɗalibi ne da ya ga takardar jarrabawa tun kafin ranar zama: zai fito da maki mai yawa, amma makin ya daina ba da labarin abin da ya sani.

Wannan kuskure ya yi yawa a ayyukan kammala digiri na ɗaliban kwamfuta da ƙididdiga, kuma yana da wuyar kamawa saboda dalili guda. Sauran kurakuran rubuta manhaja sukan sa aiki ya tsaya ko maki ya faɗi, sai mai aikin ya shiga bincike. Yoyo kuwa ɗaga maki yake yi. Ɗalibin da ya ga kashi 98 cikin 100 a allon kwamfutarsa ba ya jin akwai abin da zai bincika, sai ya kwafe adadin ya kai babi na huɗu. Kuma ba ɗalibai kaɗai ke faɗawa ramin ba. A shekarar 2023, Sayash Kapoor da Arvind Narayanan na Jami'ar Princeton sun wallafa wani nazari a mujallar Patterns, inda suka tattaro shaidar yoyo a maƙalu 294 na ƙwararrun masu bincike a fannoni 17.

Daidaita ma'auni kafin rabo

Wannan shi ne kuskuren da aka fi gani. Ana iya fahimtarsa da wani tarin bayanai da ɗalibai suke yawan amfani da shi, na ciwon suga a tsakanin matan ƙabilar Pima ta jihar Arizona a Amurka. Jadawali ne mai layi 768, kowane layi mace guda, kuma 268 daga cikinsu suna da ciwon. Kowace mace an rubuta mata siffofi takwas, amma kowace siffa da irin nata ma'aunin. Shekaru sun kama daga 21 zuwa 81, sinadarin insulin yana kaiwa 846, yayin da adadin da ke nuna tarihin ciwon a cikin dangi bai wuce 2.42 ba. Samfuran da ke aiki da nisan da ke tsakanin misalai, irin su `KNN` da `SVM`, idan aka ba su lambobin a haka, siffar da ta fi manyan lambobi ce za ta danne sauran. Saboda haka ake daidaita ma'aunin, a mayar da duk siffofin kan tsani ɗaya.

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa a manhajar scikit-learn. `StandardScaler` yana cire matsakaicin siffa daga kowace lamba, sannan ya raba da gwargwadon yadda lambobin suka bazu. `MinMaxScaler` kuma yana duba mafi ƙanƙanta da mafi girma, ya mayar da komai tsakanin 0 da 1. Abin lura shi ne dukansu biyu sai sun koyi wani abu daga bayanan kafin su yi aiki: matsakaici da bazuwa, ko ƙarami da babba. Ga yadda ɗalibai da dama suke rubutawa:

```python
X = StandardScaler().fit_transform(X)
X_train, X_test, y_train, y_test = train_test_split(X, y, test_size=0.2)
```

Layin farko ya lissafa matsakaici da bazuwa daga mata 768 gaba ɗaya, har da 154 da za a ware domin gwaji a layi na biyu. Ke nan kowace lamba a kason horo ta riga ta ɗauko wani abu daga kason gwaji.

Ƙaramin lissafi zai nuna yadda abin yake. A ɗauka akwai mutum biyar a kason horo, sugansu 90, 100, 110, 120 da 130, sannan mutum ɗaya a kason gwaji mai 200. Idan an bi ƙa'ida, `MinMaxScaler` zai koyi cewa ƙarami 90 ne, babba 130, tazara 40. Mai 130 zai zama 1, mai 200 kuma zai zama 2.75, wato lambar da ta fita can wajen abin da samfurin ya saba gani. Haka abin zai kasance a asibiti ranar da irin wannan majinyaci ya shigo, kuma aikin gwaji shi ne ya nuna yadda samfurin zai yi da shi. Amma idan an daidaita kafin rabo, babba ya zama 200, tazara 110. Mai 130 ya koma wajen 0.36, mai 200 ya zauna daram a kan 1. An gina tsanin ne da sanin cewa mai 200 yana tafe, sanin da ba wanda zai samu a aikin gaske. Matsakaicin ma ya tashi daga 110 ya koma 125.

Gyaran bai wuce sauya jerin layuka ba:

```python
X_train, X_test, y_train, y_test = train_test_split(X, y, test_size=0.2)
scaler = StandardScaler()
X_train = scaler.fit_transform(X_train)
X_test = scaler.transform(X_test)
```

Umarnin `fit` shi ne koyo, `transform` kuma aiwatar da abin da aka koya. Kason horo kaɗai ke da haƙƙin `fit`. Wasu ɗalibai, bayan an ce musu su fara rabawa, sai su kira `fit_transform` a kan kason horo, su sake kiransa a kan kason gwaji. Wannan ma ɓarna ce ta daban, domin kowane kaso ya samu nasa tsanin. Idan aka yi rashin sa'a kason gwaji ya cika da masu suga mai yawa, cire musu matsakaicinsu zai sa su yi kama da masu lafiya a idon samfurin. Ban da haka, a wurin aiki majinyaci ɗaya ne ke zuwa a lokaci guda, kuma ba a lissafa bazuwa daga mutum ɗaya.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa game da wannan kuskure: duk da shi aka fi ambata, illarsa ga maki galibi ƙarama ce. Matsakaicin mata 614 da na mata 768 ba su da wani nisa, don haka sau da yawa gyaran ba ya sauya sakamako sai ɗan kaɗan, wani lokaci ma ba ya sauya komai. Samfuran da aka gina a kan bishiyar yanke shawara, irin su `RandomForestClassifier`, ba su damu da ma'auni ba tun asali, domin jerin lambobi suke dubawa. Illar takan fito fili ne idan bayanai kaɗan ne, ko akwai lambobin da suka yi fintinkau, ko bayanan suna tafiya da lokaci kamar farashin kaya. Dalilin da ya sa malamai suke tsananta shi shi ne ɗabi'ar da ke ƙarƙashinsa, wato a gama gyara jadawali gaba ɗaya sannan a raba. Wannan ɗabi'ar ce ke haifar da sauran kurakuran da illarsu ta fi girma nesa ba kusa ba.

Cike gurbi yana cikin wannan dangi. A bayanan Pima, mata 374 an rubuta musu sifili a insulin, 35 kuma sifili a bugun jini, abin da ba zai yiwu ga mai rai ba. Ma'anarsa ba a auna ba. Ɗalibai sukan cike gurbin da matsakaicin dukkan jadawalin, wanda yoyo ne ƙarami irin na daidaita ma'auni. Amma akwai wata dabara da ta yaɗu wadda ta fi muni: a cike wa masu ciwo gurbinsu da matsakaicin masu ciwo, a cike wa marasa ciwo da na marasa ciwo. Da zarar an yi haka, kusan rabin matan suna ɗauke da amsarsu a rubuce cikin siffar insulin, kuma samfurin ba abin da zai yi sai ya gane lambobi biyun nan da ke ta maimaituwa. Makin yakan yi tsalle sama, alhali sabuwar majinyaciya ba za a san da wane matsakaici za a cike mata ba, tunda abin da ake son ganowa ke nan.

Zaɓen siffofi da dukkan bayanai

Idan siffofi sun yi yawa, ana tace su a riƙe waɗanda suka fi alaƙa da amsa. Wannan matakin ya fi daidaita ma'auni haɗari, domin yana duban amsar kanta. Trevor Hastie, Robert Tibshirani da Jerome Friedman na Jami'ar Stanford sun kawo wani gwaji a littafinsu na koyon ƙididdiga da ke nuna girman matsalar. Sun ƙirƙiri misalai 50, rabi a aji ɗaya rabi a ɗaya ajin, kowane misali da siffofi 5,000 na lambobin da aka zabga kara-zube, ba su da wata alaƙa da ajin. A irin wannan bayani babu abin koyo, kuma duk samfurin duniya zai yi kuskure a rabin hasashensa. Sai suka zaɓi siffofi 100 da suka fi alaƙa da amsa ta hanyar duban dukkan misalai 50, sannan suka raba domin gwaji. Kuskuren da gwajin ya nuna kashi 3 ne kacal cikin 100.

Dalilin ba boyayye ba ne. A cikin siffofi 5,000, dole wasu su yi kama da amsa ta hanyar dace kawai, tunda misalan ba su da yawa. Wannan dacen na waɗannan misalai 50 ne kaɗai, ba zai bi sabon misali ba. Amma da yake an zaɓi siffofin ne da sanin amsar misalan gwaji, an riga an tabbatar cewa dacen ya shafe su su ma. Tun a shekarar 2002 Christophe Ambroise da Geoffrey McLachlan suka nuna cewa wannan kuskure ya kumbura sakamakon wasu nazarce-nazarcen ƙwayoyin halitta na gano ciwon daji, inda siffofi ke kai dubbai, majinyata kuwa 'yan gomomi. Ɗalibin da ya tara takardun tambayoyi 80 masu tambaya 60, ya zaɓi goma mafi alaƙa da amsa kafin ya raba, yana cikin irin wannan hali, ko da girman kumburin bai kai haka ba.

Wannan matsala takan ɓuya a cikin gwajin karɓa-karɓa, inda ake raba bayanai gida biyar ko goma, kowane gida ya yi zaman kason gwaji sau ɗaya, sauran su yi horo. Ɗalibi yakan ɗauka cewa yin wannan gwaji ya kare shi. Amma idan an daidaita ma'auni ko an zaɓi siffofi sau ɗaya kafin a fara zagayen, duk zagaye biyar ɗin sun gurɓata. Dole a maimaita kowane mataki mai koyo a cikin kowane zagaye. Yin haka da hannu yana da wahala, shi ya sa scikit-learn ta tanadi hanyar ɗaure matakai wuri guda:

```python
model = make_pipeline(SimpleImputer(strategy="median"),
                      StandardScaler(),
                      SelectKBest(k=5),
                      KNeighborsClassifier())
scores = cross_val_score(model, X_train, y_train, cv=5)
```

A nan, kowane zagaye zai cike gurbi, ya daidaita ma'auni, ya zaɓi siffofi daga gidaje huɗun horo kaɗai, sannan ya aiwatar a kan na biyar.

Ƙara misalai kafin rabo

Yawancin ayyukan da ke burge ɗalibai sun shafi abin da ba kasafai yake faruwa ba: damfara a hadahadar banki, cuta, ko ɗalibin da zai bar makaranta. A irin wannan bayani aji ɗaya yana rinjayar ɗaya. Maganin da aka fi sani shi ne `SMOTE`, dabarar da Nitesh Chawla da abokan aikinsa suka wallafa a 2002. Tana ɗaukar misali guda daga ajin da ya yi ƙaranci, ta zaɓi ɗaya daga maƙwabtansa biyar mafi kusa a cikin ajin, ta ƙirƙiri sabon misali a wani wuri tsakanin su biyun.

A ɗauka akwai hadahada 1,000, guda 50 na damfara ne, 950 na ƙwarai. Ɗalibi ya kira `SMOTE` a kan duka, ta ƙirƙiro 900 na damfara, jimilla ta zama 1,900. Sannan ya ware kashi 20 cikin 100 domin gwaji, wato layi 380. Kusan 190 daga ciki za su zama na damfara, amma na gaskiya a cikinsu ba su wuce goma ba. Sauran wajen 180 ƙirƙirarru ne, kuma iyayen da aka ƙirƙiro su daga gare su, da 'yan'uwansu da aka ƙirƙira a kan layi ɗaya, galibinsu suna zaune a kason horo. Abin da gwajin yake aunawa shi ne ko samfurin zai gane ɗigon da ke tsakanin ɗigo biyu da ya riga ya haddace. Wannan ba shi da wuya, shi ya sa irin waɗannan ayyuka suke fitowa da maki kusa da ɗari bisa ɗari. Ɓarna ta biyu ita ce kason gwajin ya zama rabi da rabi, alhali a banki damfara ɗaya ce cikin ashirin a wannan misali, don haka adadin ƙararrawar ƙarya da gwajin ya nuna bai yi kama da wanda ma'aikata za su gani ba.

Idan an bi ƙa'ida, rabo ne farko. Kason gwaji zai samu layi 200 masu damfara 10, kuma ba a taɓa shi. Kason horo mai layi 800 da damfara 40 shi kaɗai za a ƙara wa misalai 720. Sakamakon zai sauko, kuma da damfara goma kacal a gwaji, kuskure ɗaya yana motsa makin kamun damfara da kashi 10 cikin 100. Wannan rashin tabbas gaskiyar bayanan ce, ya kamata a rubuta ta a kundin. Mai son haɗa `SMOTE` da gwajin karɓa-karɓa sai ya yi amfani da `Pipeline` na manhajar imbalanced-learn, wanda ke ƙara misalai lokacin horo kawai.

Haka abin yake ga hotuna. Ɗalibin da ke gina samfurin gane cutar ganyen masara yakan juya kowane hoto, ya karkata shi, ya ƙara masa haske, hoto ɗaya ya zama goma. Idan ya yi haka kafin rabo, ganye guda zai bayyana a ɓangarorin biyu. Layukan da suka maimaitu a jadawali ma haka suke, kuma `df.duplicated().sum()` yana ƙirga su cikin daƙiƙa.

Mutum ɗaya a ɓangare biyu

Rabon kara-zube yana aiki ne bisa zaton cewa kowane layi zaman kansa yake. Sau da yawa ba haka ba ne. Cibiyar NIH ta Amurka ta fitar da tarin hotunan ƙirji 112,120 da aka ɗauka daga majinyata 30,805, wato majinyaci ɗaya yana da hoto uku zuwa huɗu a matsakaici, wasu ma sun fi haka sosai. A watan Nuwamba na 2017, wata tawaga daga Stanford ta fitar da samfurin CheXNet na gano ciwon nimoniya daga waɗannan hotuna. A rubutun farko an raba hotunan ne kara-zube. Bayan an ja hankalinsu, sun sake rabon ta yadda babu majinyacin da ya bayyana a ɓangare biyu.

Matsalar ita ce ƙirjin mutum yana da kamanninsa: siffar haƙarƙari, girman zuciya, tabon tiyata. Samfurin da ya ga hotuna uku na wani majinyaci a horo zai iya gane mutumin a hoto na huɗu, ya ba da amsar da ya haddace ba tare da ya koyi alamar cutar ba. Ɗalibin da ya naɗi muryoyin mutum ashirin suna furta kalmomin Hausa, kowa sau ɗari, ya raba sautuka 2,000 kara-zube, zai auna yadda samfurin ke jin waɗannan mutum ashirin ne kawai. Idan manufar ita ce ya ji baƙuwar murya, sai a raba bisa mutane: sha shida a horo, huɗu a gwaji. `GroupShuffleSplit` da `GroupKFold` an yi su ne domin wannan. Tambayar da ke fayyace abin da za a ɗauka a matsayin rukuni ita ce: wane sabon abu samfurin zai haɗu da shi a wurin aiki, sabon majinyaci ne, sabuwar gona, ko sabuwar makaranta?

Bayanan da ke bin lokaci suna da irin wannan larura. Mai hasashen farashin buhun masara a kasuwar Dawanau da bayanan mako-mako, idan ya cakuɗa makonnin, samfurin zai ga farashin makon da ya gabata da na makon da ke biye, a tambaye shi na tsakiya. A nan ana yanka ne a kan kwanan wata, shekarun baya su yi horo, na ƙarshe su yi gwaji, ko a yi amfani da `TimeSeriesSplit`. Kuma a nan ne daidaita ma'auni kafin rabo yake cizo sosai, domin idan farashi yana hawa, mafi girman lamba tana can a gaba, cikin kason gwaji.

Siffar da ta zo bayan amsa

Wannan nau'in ba ruwansa da jerin layukan manhaja. Ana iya raba bayanai daidai, a ɗaure komai cikin `Pipeline`, amma yoyon yana nan, domin yana cikin jadawalin tun daga tushe. Misali sananne shi ne tarin bayanan tallar wani banki na ƙasar Portugal da ke rumbun UCI, mai layi 45,211, inda ake hasashen ko wanda aka kira a waya zai amince ya yi ajiyar kuɗi ta wa'adi. Akwai siffa mai suna `duration`, wato tsawon kiran a daƙiƙoƙi. Tana da ƙarfi ƙwarai wajen hasashe, domin wanda ba ya so yakan katse da wuri, wanda zai amince kuwa yakan tsaya ya yi tambayoyi. Sai dai ba a sanin tsawon kira sai an gama shi, kuma a lokacin an riga an ji amsar. Bankin yana son ya san wa zai kira ne kafin a ɗaga waya. Waɗanda suka wallafa bayanan sun rubuta gargaɗi cewa a cire wannan siffa idan ana son samfurin da zai yi aiki a zahiri, amma ɗalibi da ya sauke jadawalin bai karanta bayaninsa ba ba zai ga gargaɗin ba.

Irin wannan siffa tana da yawa a bayanan da ɗalibai suke tarawa da kansu. Mai hasashen zazzaɓin cizon sauro ya bar sunan maganin da likita ya rubuta. Mai hasashen wanda zai gaza biyan bashi ya bar adadin takardun gargaɗin da aka aika masa. Mai hasashen darajar digiri ya bar makin zangon ƙarshe, wanda da shi ake lissafa darajar. Har lambar shaida tana iya yoyo. A gasar KDD Cup ta 2008, ta gano ciwon dajin nono daga hotuna, tawagar da ta yi nasara ta lura cewa lambar majinyaci kaɗai tana nuna yiwuwar ciwon, saboda an haɗo bayanan daga wurare daban-daban, kowane wuri da jerin lambobinsa da yawan masu ciwonsa. Maganin wannan nau'i aikin biro da takarda ne: a tsayar da lokacin da za a yi hasashen, a bi siffofin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta lokacin da ake samun kowacce, a cire duk wadda ke zuwa daga baya.

Akwai kuma yoyon da ke bi ta hannun ɗalibin kansa. Idan ya gwada samfura talatin, yana duba makin kason gwaji kowane karo, ya riƙe wanda ya fi, to kason gwajin ya shiga cikin zaɓen, kuma makin da ya yi nasara yana ɗauke da rabonsa na sa'a. Zaɓen samfuri da saituttukansa ana yin su ne a cikin kason horo ta gwajin karɓa-karɓa, a buɗe kason gwaji sau ɗaya bayan an gama yanke shawara.

Yadda ake gane shi

Alama ta farko ita ce makin da ya fi ƙarfin aikin. A bayanan Pima, samfuran da aka auna da gaskiya galibi suna tsayawa ne tsakanin kashi 70 da ɗoriya zuwa wajen 80 cikin 100, kuma wanda ya ce kowa lafiyarsa lau ma zai ci kashi 65, tunda 500 cikin 768 ba su da ciwon. Kundin da ya zo da 98 a kan waɗannan bayanai yana bukatar a koma a bi layukansa. Alama ta biyu ita ce siffa guda ta ɗauke kusan duk nauyin hasashe. Horar da ƙaramin samfuri da kowace siffa ita kaɗai yana tona wannan da sauri. Malamin da ke duba aiki kuma yana da hanya mai sauƙi: ya nemo layin `train_test_split`, ya karanta duk abin da ke samansa. Duk `fit`, `fit_transform`, `fit_resample` ko `mean()` da ya taɓa dukkan jadawalin kafin wannan layi abin tambaya ne. Gyaran da ke duban layi ɗaya kawai, kamar mayar da santimita zuwa mita, ba shi da laifi a ko'ina aka yi shi.

Gwaji mafi ƙarfi shi ne cakuɗa amsoshi. Tun a layin farko, kafin kowane gyara, a hargitsa jerin `y` ta yadda kowane misali zai samu amsar wani, sannan a tafiyar da aikin gaba ɗaya yadda yake. Tunda an yanke duk alaƙar gaskiya, ya kamata maki ya faɗo zuwa na canki. Idan ya tsaya a sama, akwai matakin da ke ɗaukar amsa yana kai wa gwaji. Wannan gwaji yana kama zaɓen siffofi kafin rabo, da `SMOTE` kafin rabo, da cike gurbi bisa aji. Amma yana da iyaka. Ba ya kama siffa irin `duration`, domin cakuɗawar tana yanke alaƙarta da amsa kamar yadda take yanke ta sauran, kuma ba ya kama daidaita ma'auni, wanda ba ya duban amsa. Majinyacin da ke ɓangare biyu ma ba zai fito ba sai an cakuɗa amsoshin bisa majinyata, kowane mutum ya riƙe amsar bogi guda a duk hotunansa. Waɗannan ukun sai an koma ga takardar bayanin siffofi, da jerin layukan manhaja, da lissafin lambobin majinyatan da suka bayyana a horo da gwaji a lokaci guda, wanda `set(id_train) & set(id_test)` yake fitarwa, kuma ya kamata ya dawo babu komai a ciki.